Ina nauyin gini yake zuwa bayan ya bar fandisho?

A yawancin wuraren da ake gini, dokar haƙan fandisho ɗaya ce: a yi ta haƙa har sai diga ta fara ƙara, ta daina shiga. Da zarar an taɓa jar ƙasa mai tauri ko marmara, magini ya buga ƙafa a ƙasan ramin ya ce an iso, a kawo tsakuwa da siminti. Wannan dabara ta riƙe gidaje da yawa, ba kuma abin rainawa ba ce. Sai dai tana gaya mana halin ƙasar da kankare zai taɓa ne kawai. Nauyin gini kuwa ba a nan yake tsayawa ba. Yana ratsa wannan ƙasa mai tauri ya gangara, yana bazuwa yana raguwa, har ya kai wani zurfi da babu wanda ya leƙa. Tambayar da injiniyan ƙasa ke nema wa amsa ita ce: zuwa wane zurfi, kuma nawa ne ya rage idan ya kai can?

A ɗauki ginshiƙi guda na gidan bene. Dakin da bango da rufi da mutanen da ke ciki duk suna sauke nauyinsu a kan ginshiƙai, kowane ginshiƙi kuma yana zaune a kan wani faifan kankare mai rodi a ciki, wanda za mu kira ƙafar ginshiƙi. A ce wannan ginshiƙi yana ɗauke da tan 60, ƙafarsa kuma mita 2 ce tsawo, mita 2 faɗi. Filin da ta rufe murabba'in mita 4 ke nan, don haka kowane murabba'in mita yana ɗaukar tan 15. Wannan shi ne matsi, wato nauyi a raba shi da filin da ya hau. Injiniyoyi kan rubuta shi da ma'aunin kPa, kuma tan ɗaya a kan murabba'in mita ya kusan kPa 10, ke nan matsin namu kusan kPa 150 ne. Za mu ci gaba da tan, don shi kowa ya sani.

Ƙasa ba dunƙulalliya ba ce, tarin ƙwayoyi ne da ke jingine da juna. Ƙwayar da aka danna daga sama ba ta ƙarƙashinta kaɗai take dannawa ba, tana zaune ne a kan biyu ko uku, sai ta raba musu nauyin, su ma kowace ta raba wa na ƙasa da ita. Ta haka nauyin ke faɗaɗa zuwa gefe yayin da yake sauka. Tan 60 ɗin nan ba ya ɓacewa ko kaɗan. A kowane zurfi, idan aka tattara abin da ƙasar ke ɗauka daga wannan ginshiƙi, tan 60 za a samu cif. Abin da ke canzawa shi ne yawan ƙasar da ke taya ɗauka.

Wani masanin lissafi Bafaranshe, Joseph Boussinesq, shi ne ya fitar da lissafin wannan bazuwa a shekarar 1885. Ya ɗauki nauyi da aka ɗora a kan ɗigo guda a saman wani abu mai faɗi da zurfi marasa iyaka, ya nuna yadda matsin yake a kowane wuri a cikinsa. Abu mafi sauƙin riƙewa daga lissafinsa shi ne cewa kai tsaye a ƙarƙashin nauyin, idan zurfi ya ninka biyu, matsi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Daga baya aka yi amfani da lissafin aka haɗa ɗigo-ɗigo har aka samu na ƙafa mai kusurwa huɗu, da mai da'ira, da doguwar ƙafar bango.

Idan aka zana ƙafar ginshiƙi a takarda kamar an yanka ƙasar ana kallonta ta gefe, sannan aka bi duk wuraren da matsi ya ragu zuwa kashi 80 cikin 100 aka ja layi, za a ga wani ɗan lanƙwasasshen layi da ya taso daga gefe ɗaya na ƙafar, ya zagayo ta ƙasa ya koma ɗaya gefen. A sake yin haka da kashi 50, layin zai fi girma ya lulluɓe na farko. Na kashi 20 ya lulluɓe na 50, na kashi 10 ya lulluɓe su duka. Abin da ya fito albasa ce da aka raba biyu, ɓawo a cikin ɓawo, kanta yana manne da kankaren, cikinta ya kumbura zuwa gefe har ya wuce faɗin ƙafar. Wannan ita ce albasar matsi. Ƙasar da ke cikinta ita ce ke aikin ɗaukar ginin, ita ce kuma za ta matse idan gini zai nitse. Wadda ke wajen ɓawon ƙarshe ba ta san an yi gini ba sai kaɗan.

A gaskiya albasar ba ta da bakin iyaka, matsin yana ta raguwa ne ba tare da ya kai sifili ba. Injiniyoyi ne suka yarda a tsakaninsu cewa daga inda ya koma kashi 10 cikin 100, wasu su ce kashi 20, ana iya daina damuwa da shi. Ga ƙafa mai tsawo da faɗi ɗaya, layin kashi 20 yana sauka zuwa kusan faɗin ƙafar sau ɗaya da rabi, na kashi 10 kuma zuwa kusan faɗinta sau biyu. Ƙafarmu ta mita 2 ke nan albasarta ta kai mita 4 ƙasa da kankaren. Idan ramin ma mita ɗaya da rabi ne, to ƙasar da ke mita 5 da rabi daga inda mutum ke tsaye tana cikin waɗanda ke ɗauke da gidan.

Doguwar ƙafar bango, irin wadda ake zubawa a ƙarƙashin bulo, tata albasar ta fi zurfi idan aka kwatanta da faɗinta, domin nauyin gefe biyu kawai yake da su na bazuwa. Ta tsawon bangon babu inda zai je, maƙwabcinsa ma a ɗauke yake. Shi ya sa layin kashi 10 a nan yake kaiwa faɗin ƙafar sau shida ko ɗan fiye. Ƙafar da aka saba zubawa mai faɗin milimita 675 a ƙarƙashin bulo mai inci tara, albasarta tana taɓa kusan mita 4. Abin da ke ceton gida mai hawa ɗaya shi ne matsin nasa tun farko ba shi da yawa.

Lissafin Boussinesq yana da wuya a yi shi a tsaye a bakin rami. A 1942 Nathan Newmark na Jami'ar Illinois ya fitar da wani zane mai da'irori da ake ɗora taswirar fandisho a kai a ƙirga gidaje, ya rage wahalar, yau kuma kwamfuta ke yi. Amma akwai hanyar da ta fi duka sauƙi, wadda ake yi a bayan takardar siminti da biro, ita ce hanyar biyu-da-ɗaya.

Hanyar ta ce: a ɗauka nauyin yana bazuwa a miƙe, duk saukar mita 2 ya matsa waje mita 1 a kowane gefe. Tun da gefe biyu ne, hagu da dama, duk saukar mita 1 faɗin yana ƙaruwa da rabin mita nan, rabin mita can, jimla mita 1. Ke nan a kowane zurfi, sai a ƙara zurfin a kan faɗin ƙafar, a ƙara shi a kan tsawonta, a ninka su, a raba nauyin da abin da aka samu. A littattafan injiniyoyi ga yadda ake rubuta shi, inda Q ne nauyin, B faɗi, L tsawo, z kuma zurfi daga ƙasan kankare:

```
Δσ = Q / ((B + z) × (L + z))
```

Mu gwada da tan 60 ɗinmu. A zurfin mita 1, filin ya zama 3 sau 3, murabba'in mita 9, matsin ya sauko daga tan 15 zuwa tan 6.7. A mita 2, filin 4 sau 4 ne, 16 ke nan, matsin tan 3.75, rubu'in na farko. A mita 4 kuwa, 6 sau 6, wato 36, matsin tan 1.7, kashi ɗaya cikin tara na abin da aka fara da shi. Ga shi mun iso kusa da kashi 10 a zurfin da ya ninka faɗin ƙafar sau biyu, daidai inda albasar ta ce.

Me ake yi da wannan lamba? A ce an haƙa rijiyar gwaji, aka tarar cewa jar ƙasar nan mai tauri kaurinta mita 2 ne kawai a ƙasan ƙafar, daga nan sai laka mai laushi ta mita 2. Injiniya zai nemi matsin a tsakiyar lakar, wato zurfin mita 3: 60 a raba da 25, tan 2.4. Zai haɗa wannan da abin da ɗakin gwaji ya faɗa game da yadda lakar ke matsewa, ya fitar da milimita nawa ƙafar za ta nitse. Laka mai ruwa ba ta matsewa nan take, sai ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinta ya tsiyaye a hankali, abin da kan ɗauki watanni ko shekaru. Shi ya sa wani gidan yake shekara biyu lafiya lau, sannan tsaga ta fito daga kusurwar taga ta haura a karkace, ƙofa ta fara cijewa.

Yanzu ga inda wannan ɗan lissafi ke warware wata fahimta da ta zauna a kan mutane da yawa. An saba cewa idan ƙasa ba ta da ƙarfi, a faɗaɗa ƙafa. Bari mu faɗaɗa tamu zuwa mita 3 sau 3. Matsin da ke ƙasan kankare ya faɗi daga tan 15 zuwa 6.7, ya ragu da fiye da rabi, kuma wannan riba ce ta gaske ga ƙasar da ke sama. Amma a tsakiyar lakar can, 60 a raba da 36, tan 1.7 maimakon 2.4. An ninka kankare fiye da sau biyu, lakar ta samu sauƙin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Idan da lakar tana mita 6 ne, bambancin zai zama tsakanin 0.94 da 0.74, kusan babu. Ƙasa mai zurfi ba ruwanta da siffar ƙafa, jimlar nauyin take ji.

A juya maganar ta ɗaya fuskar, nan ne haɗarin yake. A bar matsin a tan 15, a canza girman abin da ke dannawa. Akwai gwajin da ake yi da faranti na ƙarfe, galibi mai faɗin kamar santimita 30, a ajiye shi a ƙasan rami a yi ta ɗora masa nauyi ana auna nitsewarsa. Faranti irin wannan a matsin tan 15 yana ɗauke da tan 1.35 ne kacal, albasarsa ba ta wuce santimita 60 ba. A zurfin mita 3, abin da ya kai bai fi tan 0.12 ba, lakar ba ta ma ji an taɓa ta ba. Gwajin zai fito da kyau ƙwarai. Ƙafar mita 2 a wannan matsi tana kai tan 2.4 can. Shimfiɗaɗɗen fandisho na bai-ɗaya mai mita 10 sau 10, shi ma a tan 15, nauyinsa tan 1,500 ne, kuma a mita 3 yana kai 1,500 a raba da 169, kusan tan 9. Ƙasa ɗaya, matsi ɗaya a sama, amma lakar ta ga 0.12, ta ga 2.4, ta ga 9. Zurfin albasa faɗin fandisho yake bi.

An ga wannan a fili a Transcona, kusa da birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, a 1913. Kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific ya gina wani katafaren rumbun hatsi na kankare, rumbuna 65 a jere a kan fandisho guda na bai-ɗaya mai faɗin mita 23 da rabi, tsawo kusan mita 60. Kafin a fara an yi gwajin ɗora nauyi a kan ƙaramin fili a ƙasan ramin, yumɓun ya nuna ƙarfin da ya wadatar. Aka gama gini, aka fara zuba hatsi a watan Satumba. Ranar 18 ga Oktoba, ana dab da cika shi, da hatsin da ya haura tan dubu 20 a ciki, aka lura ginin yana sauka. Cikin sa'a guda ya nitse kamar santimita 30, kafin washegari ya kwanta gefe guda da kusan digiri 27, ƙasa kuma ta kumburo a gefensa. Kankaren bai farfashe ba, ginin ya karkata ne ɗungurungum, har daga baya aka tallafe shi aka miƙar da shi a kan ginshiƙan da suka sauka zuwa dutse. Sai bayan shekaru da dama aka yi haƙan bincike mai zurfi, Ralph Peck da abokin aikinsa Bryant suka buga sakamakon a 1953. A ƙarƙashin yumɓu mai tauri na sama akwai wani yumɓu mai laushi sosai. Gwajin farko bai yi ƙarya ba, ya faɗi gaskiyar ƙasar da albasarsa ta taɓa. Fandisho mai faɗin mita 23 kuwa ya kamo duk kaurin yumɓun, mai kyau da maras kyau.

Ba sai an je Kanada ba kafin a samu ƙasa mai tauri a sama da ruɓaɓɓiya a ƙasa. A tsofaffin birane irin su Kano, kududdufai da dama da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini an cike su da bola da ɓaraguzai, aka bi da jar ƙasa, aka yanka filaye. Wanda ya sayi irin wannan fili zai iya haƙa mita ɗaya ya samu ƙasa mai kyau, ya gina ɗaki biyu su zauna lafiya. Ranar da aka ce a rushe a yi bene mai hawa uku, an faɗaɗa ƙafafu, albasa ta sauka cikin tsohuwar shara. Tsohuwar rijiya ko masai da aka binne su ma haka suke, kuma sun fi muni domin gefe ɗaya na ƙafar kawai suke cuta.

Akwai kuma maganar maƙwabtaka. Albasa tana kumbura zuwa gefe, ba ta san katanga ba. A hanyar biyu-da-ɗaya abu ne mai sauƙin gani: idan tazarar da ke tsakanin bakin ƙafa biyu mita 2 ce, kowace tana matsowa rabin zurfi, don haka a zurfin mita 2 za su haɗu. Daga nan zuwa ƙasa, ƙasar da ke tsakaninsu tana ɗaukar na biyun a haɗe. A gini mai ginshiƙai da yawa kusa da juna, ƙananan albasoshin kan narke su zama babba guda mai faɗin ginin baki ɗaya, shi ya sa ginshiƙan tsakiya sukan fi na gefe nitsewa. Haka nan idan aka tayar da bene mai nauyi jikin tsohon gida, sabon nauyin yana shiga ƙasar da tsohon ke zaune a kai, sai a ga bangon da ke kusa ya sauka ya tsage, alhali mai gidan bai ƙara ko bulo ɗaya ba.

To, yaya gaskiyar hanyar biyu-da-ɗaya take? Ya kamata a san inda take zamewa. Ta ɗauka matsin daidai yake ko'ina a cikin filin da ya faɗaɗa, daga bakinsa kuma sai sifili. Ƙasa ba haka take yi ba. Matsin ya fi tsanani a ƙarƙashin tsakiyar ƙafa, yana lafawa a hankali zuwa gefe. A misalinmu, a zurfin mita 1 hanyar ta ba mu tan 6.7, lissafin Boussinesq kuwa ya ba da kusan tan 10.5 a tsakiya. A mita 2, 3.75 ne da kusan 5. Sai a mita 4 suke haɗuwa, 1.7 da 1.6, daga nan zuwa ƙasa kuma biyu-da-ɗaya ta ɗan fi yawa. Ma'ana, kusa da kankare tana rage lamba, kuma ragi shi ne kuskuren da ba a so. Idan ƙasa mai rauni tana cikin zurfin da bai wuce faɗin ƙafar ba, ni dai ba zan yarda a tsaya a kanta ba. Matsakaici take bayarwa, ba mafi tsanani ba. Kuma ga wanda ke son sanin abin da zai sami gidan maƙwabci, ba ta da amfani sosai, tun da a wajen layinta cewa take babu komai.

Shi ma Boussinesq ba wahayi ba ne. Ya ɗauka ƙasar iri ɗaya ce daga sama har ƙasa, halinta ɗaya ta kowace fuska, kuma tana dawowa idan an ɗauke nauyi. Babu ƙasar da ta cika waɗannan sharuɗɗa. Inda marmara mai kauri ke saman laka, marmarar kan baza nauyin fiye da yadda lissafi ya nuna, muddin ba ta karye ba. Duk da haka, awon da aka yi ta yi a ƙarƙashin gine-gine ya nuna cewa ga matsin da ke sauka tsaye, lissafin nasa yana kusa da gaskiya fiye da yadda sharuɗɗansa za su sa a zata, shi ya sa har yau ba a ajiye shi ba.

Wani abin da dukkan hanyoyin biyu ba sa faɗa: ƙarin matsin da gini ya kawo kawai suke ƙirgawa. Ƙasar da ke mita 5 da rabi tun asali tana ɗauke da nauyin wadda ke samanta, kusan tan 10 a kowane murabba'in mita, ta kuma saba da shi. Ƙarin tan 1.7 ne sabon abu, shi ne ke jawo nitsewa. Ba sa kuma cewa komai game da ƙasar da ke motsi da kanta, irin baƙar ƙasar firki ta yankin Borno da tafkin Chadi, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani. Can matsalar ruwa ce, ba nauyi ba, maganinta ma daban ne.

Mai shirin gina bene ba sai ya iya lissafin Boussinesq ba, amma yana iya tambaya ɗaya idan aka kawo masa rahoton gwajin ƙasa: haƙan ya kai mita nawa ƙasa da inda kankare zai zauna? Idan ƙafafu ne warwatse, ya kamata ya kai aƙalla faɗin babbar ƙafa sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ƙafafun suna kusa da juna, ko fandishon na bai-ɗaya ne, faɗin ginin duka za a ninka, sai dai in an ci karo da dutse kafin nan. Rahoton da ya tsaya a mita 2 a ƙarƙashin bene mai faɗin mita 12 bai amsa tambayar ba, a mayar da shi a sake haƙa.